Netwok ɗina yana gudu amma gem ta kilawud ta ƙi buguwa, ina matsalar take?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Wani aboki ne ya nuna min GeForce NOW, ya ce ko tsohuwar laftof za ta buga manyan gem irin su Cyberpunk 2077 ba sai da kwamfuta mai tsada ba. Na yi rajista da na kyauta, na jira layi, na buɗe Fortnite. Hoto ya fito tas kamar fim. Amma in na danna maɓalli sai mutumin ya yi shiru kaɗan kafin ya motsa, wani lokaci hoton ya dagule ya koma dabbare-dabbare. Na gwada gudun netwok, ya ba ni 42 Mbps, ping 31. Kuma cikin abin da bai kai awa ɗaya ba data ta kusan giga shida ta tafi. Masana ku taimaka, laftof ɗin ce ko me?

Sarkin Fad:
Wa'alaikumus salam. Oga 4G ne matsalarka. Ka nemi 5G kawai, magana ta ƙare.

Injiniya:
Wa'alaikumus salam Ɗan Kurna. Laftof ɗinka ba ta da laifi, kuma 5G kaɗai ba zai warware maka ba. Bari mu fara da abin da ke faruwa idan ka danna maɓalli, don daga nan komai ya taso.

Gem ɗin ba a laftof ɗinka take gudana ba. Tana can cikin wata kwamfuta mai ƙarfi a ɗakin sabar na kamfanin. Ka danna "tsalle", saƙon ya bar Kano ya je can, kwamfutar ta sa mutumin ya yi tsalle, ta zana sabon hoto, ta matse shi ya zama bidiyo, ta turo maka, laftof ɗinka ta warware ta nuna. Hoto sittin take turowa a kowace daƙiƙa, wato ɗaya a kowane milisakan 16.7. Aikin laftof ɗinka bai wuce kallon bidiyo da aika danne-danne ba, shi ya sa tsohuwa ma take iya yi.

To lambobi biyu ka ba mu. 42 Mbps ya wadatar, domin Nvidia 15 suka ce a samu don 720p, 25 don 1080p. Ta wannan ɓangaren ka wuce. Amma 31 ɗin nan, wato milisakan da saƙo ke ci ya je ya dawo, yaudararka ta yi. Manhajar gwajin gudu sabar mafi kusa take zaɓa, mai yiwuwa ta Legas ko Abuja. Gem ɗinka kuwa Turai take. Ka shiga Settings a manhajar GeForce NOW, ka nemi Server Location, ka danna Test Network, ka faɗa mana abin da ya fito.

Ɗan Kurna:
Na yi yanzu. Ya nuna 148 ms, kuma ya sa jan rubutu.

Injiniya:
Yauwa, ga ɓarawon nan. Nvidia sun ce kada ya wuce 80, kuma ƙasa da 40 suka fi so. Kai kana 148.

Kuma mu yi lissafin inda 148 ta fito, don kada ka ɓata kuɗi wajen gyaran abin da ba ya gyaruwa. Haske a cikin wayar faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Tunda zuwa da dawowa ne, kowane kilomita 1,000 zai ci maka milisakan 10. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne in an bi hanya, ka ga 10 ke nan a takarda, a zahiri ya fi haka saboda na'urorin da ke tsakani. Daga Legas sai a shiga teku. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, ka ga 70. Daga Fotugal zuwa Landan ko Faransa ko Jamus ka ƙara 20 zuwa 30. Mun haura 100 ke nan, ba mu ma sa tsakanin wayarka da turken sabis ba, wanda a 4G yakan ci 20 zuwa 40. Haɗa ka gani, ba ka yi nisa da 148 ba.

Sannan wannan na hanya ne kawai. Akwai lokacin zana hoton, matse shi, warware shi, da na allonka kafin ya nuna. In ka tara duka, daga dannawa zuwa gani kana neman milisakan 200, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Hoto goma sha biyu sun wuce kafin ka ga sakamakon abin da yatsanka ya yi.

Sarkin Fad:
To ai shi ya sa na ce 5G. Ni nawa yana kai 300 Mbps.

Injiniya:
Rabin maganarka gaskiya ce Sarki. 5G zai rage masa wancan 20 zuwa 40 na tsakaninsa da turke, ƙila ya dawo 10 ko 15. Ya samu ragin 20, ya koma wajen 125. Har yanzu ja ne. Titin Kano zuwa Legas ko an mai da shi hannu goma, motoci da yawa za su wuce lokaci guda, amma Legas ba ta matso ba. 300 Mbps ɗinka faɗin titi ne.

Ummi Zariya:
Ni abin da ban gane ba Injiniya, ai YouTube ma daga nesa yake zuwa, kuma ina kallon 1080p da netwok ɗin da bai kai rabin nasa ba, ba ya tsayawa. Me ya bambanta su?

Injiniya:
Abu biyu ne Malama Ummi. Bidiyon YouTube an riga an gama shi, don haka wayarki tana ɗebo na gaba ta ajiye. Farin layin nan da kike gani yana gaba da ja, shi ne ajiyar. In netwok ya yanke na daƙiƙa uku ba za ki sani ba, daga ajiya kike kallo. A gem babu abin da za a ajiye, domin hoton gaba bai wanzu ba sai kin danna wani abu. Duk tangarɗar da aka samu a hanya, nan take za ta bayyana a allo.

Na biyu, YouTube suna da lokacin zama su matse bidiyo da kyau, shi ya sa wajen 5 Mbps ke isar 1080p. Sabar gem kuwa milisakan kaɗan take da shi ta matse hoto ta sake shi, matsar gaggawa ce, don haka take buƙatar ninki huɗu ko biyar don a sami kyau iri ɗaya. Kuma galibin bidiyon da kike kallo an riga an kwafo su kusa da mu, ba daga Amurka suke tasowa duk lokacin da kika danna ba.

Ɗan Baiwa 07:
Ni fa ban yarda da wannan lissafin ba gaba ɗaya. Kullum ina buga Call of Duty a waya, ping ɗina 110, 120, kuma ina cin mutane. In 120 ya yi a can me zai hana ya yi a nan?

Baƙon Manchester:
Bari in amsa wannan Injiniya, don na buga duka biyun. Ɗan'uwa, gem ɗin da kake bugawa a cikin wayarka take. In ka juya kyamara ko ka yi gudu, wayarka ce ke zanawa nan take, ba ta jiran kowa. Abin da ke tafiya sabar ɗan ƙaramin bayani ne, wane yana ina, wa ya harbi wa, kuma masu gem ɗin sun yi dabarun ɓoye jinkirin. Shi ya sa 120 bai dame ka ba sai jefi-jefi, lokacin da ka shige bayan bango amma aka ce an harbe ka. A kilawud kuwa ko juya kai sai ya je Turai ya dawo. Ka matsa linzami, hoton ya biyo baya kamar ana jan sa da roba. Minti goma kanka ya fara juyawa.

Ɗan Baiwa 07:
To amma data fa? Ni ko na kwana ina bugawa ba ta cin giga ɗaya.

Baƙon Manchester:
Dalilin ɗaya ne ai. Kai lambobi kake karɓa, shi bidiyo yake karɓa.

Hajiya Mai Lissafi:
Ku bar ni da ɓangaren kuɗi tunda nan na fi ƙarfi. Injiniya ka gyara min in na kauce. Bit takwas ne bayit ɗaya, daƙiƙa 3,600 ce awa ɗaya. Saboda haka duk Mbps ɗin da aka faɗa, ka ninka da 0.45 ka sami giga nawa a awa.

```
15 Mbps x 0.45 = 6.75 GB
25 Mbps x 0.45 = 11.25 GB
```

Ka ga giga shidan Ɗan Kurna ba sata aka yi masa ba, daidai take da 720p. Yanzu a ce yaro yana buga awa biyu kullum a 1080p. Giga 22 da rabi a rana, giga 675 a wata. Mu ƙaddara ma ka sami giga a naira 300, wanda sai mai sayen babban bandir, ka ga naira 202,500 a wata ɗaya, ban da kuɗin rajistar da ake biya da kuɗin waje. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025 lissafin ya ƙara muni. Wata nawa za ka yi kafin ka biya kuɗin PS4 ta hannu? Ni ɗana da ya zo min da maganar nan, takarda da biro na miƙa masa.

Injiniya:
Lissafinki daidai ne Hajiya. Abin da zan ƙara, wannan shi ne in bidiyon ya cika ma'aunin ko da yaushe. A aikace yakan yi ƙasa, domin in kana tsaye a wuri ɗaya hoton ba ya canzawa sosai, ba a turo da yawa. Kuma a Streaming Quality kana iya zaɓar Custom ka rage Max bit rate da kanka. Xbox ma 10 Mbps suka ce don waya, wato giga huɗu da rabi a awa in ya cika. Amma ko an raba lissafinki biyu, bai zama abin mai sayen data giga-giga ba.

Abba Sabon Shiga:
Don Allah a turo min link ɗin da zan sauke kilawud ɗin, wayata 32GB ce ta cika, ina so in zuba gem ɗina a ciki.

Sarkin Fad:
Ƙanina wannan wata magana ce daban, kai wurin ajiya kake nema. Ka duba Google Drive.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaisuwa 'yan'uwa. Mu nan Nijar ba mu da teku, intanet ɗinmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai gaɓa, don haka abin da Injiniya ya lissafa namu ya fi shi. Amma Starlink ya shigo mana a 2025, ku kuma tun 2023 kuke da shi. Tunda ta sama yake bi, ba zai tsallake duk wannan ba?

Injiniya:
Yana taimakawa ta wajen data, tunda ba giga-giga ake saye ba, wannan babban abu ne. Amma jinkiri bai tafi ba. Taurarinsu suna wajen kilomita 550 a sama, hawa da sauka ba ya cin lokaci sosai, sai dai saƙon yakan sauko tashar ƙasa ne ya shiga intanet na kowa da kowa, daga nan ya kama hanyar Turai kamar na sauran mutane. In ka ga mai Starlink ya nuna maka ping 30 ko 40, tambaye shi zuwa ina.

Sarkin Fad:
Ni dai na ga wani a Abuja yana buga Forza ta Xbox Cloud da Starlink, da VPN, kuma lafiya lau take tafiya. VPN ɗin ma rage masa ping yake yi.

Baƙon Manchester:
VPN ɗin ba don gudu ya sa shi ba Sarki, don Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Xbox suka buɗe wa wannan sabis ɗin ne. Ƙarin zango ne a hanya, yawanci ƙara jinkiri yake yi.

Injiniya:
Yawanci, amma ba kullum ba. Akwai lokacin da kamfanin layinka ke bin doguwar hanya marar dalili, sai VPN ya bi gajeriya, ka ga ragin 10 ko 20. Abin da ba zai iya ba shi ne ya sauko da kai ƙasa da abin da nisan ya yanke. Game da "lafiya lau" kuma, ban musa ba. Gem ɗin mota da fad tana da haƙuri, mutum yakan saba ya riƙa juya sitiyari tun kafin ya kai kwana. A ba shi gem ɗin harbi da linzami a gani.

Ɗan Kurna:
To dabbare-dabbaren hoton fa? Shi ma nisan ne?

Injiniya:
A'a, wannan daban ne, kuma shi ne wanda kake da iko a kansa. Jinkiri in ya tsaya a 148 cak, hannu yana iya sabawa. Abin da ke dagula hoto shi ne rawar da lambar ke yi, yanzu 140, an jima 300, da kuma ɓacewar wasu ƙunshin bayanan a hanya. In ƙunshi ya ɓace babu lokacin sake aiko shi, sai manhajar ta rage kyan hoto ko ta yi tsalle. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan:

```
ping -n 100 8.8.8.8
```

In ya gama, kada ka damu da Average. Dubi tazarar Minimum da Maximum, da abin da ya rubuta a Lost. In Minimum 30 ne Maximum 45, layinka a natse yake. In Maximum ya kai 400, ko ka ga an rasa biyu ko uku cikin ɗari, to ko sabar tana Kano hoton zai dagule. Ka gwada da asuba, ka sake gwadawa ƙarfe tara na dare lokacin da unguwa duka ke kan turke ɗaya, za ka ga bambanci. A cikin gem kuma Ctrl+N zai nuna maka lambobin kai tsaye.

Gyaran cikin gida: in da hali ka haɗa laftof da rawuta da waya. In babu, ka hau 5GHz maimakon 2.4GHz, ka zauna ɗaki ɗaya da rawutar. In hotspot ne, haɗa wayar da kebul na USB ya fi. Sannan ka lura da masu ɗora abu. Mutum ɗaya a gidan ya fara tura bidiyon biki a WhatsApp, layin fita ya cika, danne-dannenka su tsaya a bayan bidiyonsa suna jira, ping ya haura ɗaruruwa alhali gwajin gudu yana nuna komai lafiya.

Mai Shagon Gem:
Yallaɓai Injiniya ni tawa tambayar ta kasuwa ce. Ina da talabijin shida a shago, kowace da na'urarta. Wuta ita ke cinye ribar, ga gyaran na'ura in ta yi zafi. Na yi tunanin in sayar da su in koma wannan, tunda ƙaramin akwati ko tsohuwar kwamfuta ba ta cin wuta, sola ma za ta ɗauka.

Hajiya Mai Lissafi:
Shida sau 25, Mbps 150 tsayayye daga safe har dare. Giga 67 da rabi a kowace awa in duk suna aiki. Alhaji kar ka soma.

Injiniya:
Maganar wutar gaskiya ce, PS4 tana jan fiye da wat 100 in ana wasa, ƙaramin akwati bai kai rubu'in haka ba. Amma kwastomominka ƙwallo suke bugawa, kuma ƙwallo gem ce ta daidaita lokaci. Yaro ya danna shot ɗan wasa ya buga bayan an ƙwace, zai ce fad ɗinka ne ya lalace, gobe ya koma shagon gaba. Kowace talabijin kuma sai da asusunta da kuɗin watanta. Ga haɗarin yankewa: ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma? Har bankuna sun ji a jikinsu. Na'urarka ta shago ranar ba abin da ya dame ta.

Mai Shagon Gem:
To Allah ya sa haka ne mafi alheri. Zan dai ƙara fanka.

Ummi Zariya:
Kun yi ta kushe abin, to wa ya dace da shi ke nan? Ko dai damfara ce?

Baƙon Manchester:
Ba damfara ba ce ƙanwata, ni da shi nake wasa. Faiba gare ni a gida marar iyaka, ping ɗina zuwa sabar bai kai 20 ba, laftof ɗin aiki ce ba ta da katin hoto na kirki. A mako ina samun 'yan awanni ne kawai, sayen kwamfutar gem asara ce a wurina. Ba na jiran saukar da giga 100, ba na jiran sabuntawa, in na buɗe na shiga. Ga mutum irina ya yi. Amma ko a nan masu gasa da gaske ba sa amfani da shi.

Abu biyu da mutane ba sa sani kafin su biya. A GeForce NOW kwamfuta kake haya, gem ɗin sai ka mallake ta a Steam ko Epic, in ba irin su Fortnite da suke kyauta ba, kuma ba kowace gem ce ke ciki ba. Na kyautan awa ɗaya ne a zama guda, sai ka sake bin layi. Xbox kuwa rajista ce mai tarin gem a ciki, suna shiga suna fita. Na biyu, kamfani yana iya rufewa. Google ta buɗe Stadia a Nuwamban 2019 ta rufe a Janairun 2023. Sun mayar wa mutane kuɗinsu, a yaba musu, amma OnLive ma haka ta tafi a 2015. Shi ya sa na fi son tsarin da gem ɗin take asusuna na Steam.

Injiniya:
A gida Najeriya kuma zan ce mai intanet marar iyaka, faiba ko Starlink, wanda ke son gem ɗin da ba ta gaggawa. Irin su Baldur's Gate 3 da ake faɗa bi da bi, ka yi tunani ka zaɓa, milisakan 150 ba za su hana ka jin daɗi ba. Mutumin Legas ya fi mu sauƙi da wajen 15 zuwa 20 tunda a bakin teku yake.

Ɗan Maraɗi:
Na ji an ce akwai sabar a Afirka ta Kudu. Ba ta fi Turai kusa ba?

Injiniya:
Akwai, kamfanin rain ne ya buɗe GeForce NOW a can a ƙarshen 2023, amma don 'yan ƙasar aka yi shi, rajistarsa daban. Nisan ma ba wani ragi ba ne, Legas zuwa Cape Town ya kusa kilomita 5,000 a miƙe, ta teku ya fi haka. Wani layin ma sai ya kai ka Turai kafin ya sauko da kai kudu. Sai an kafa na'urorin a Legas lissafin zai canza. Ranar da aka yi haka mutumin Kano mai faiba zai iya ganin 20 zuwa 30.

Sarkin Fad:
Za a yi kuwa, kwanan nan. Equiano ta Google ta sauka Legas tun 2022, ga ɗakunan sabar ana ta ginawa. Mutum sama da miliyan 200 ba za a ƙyale su ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Yawan mutane daban, masu biya duk wata daban. Katin hoton da za a zuba da dala ake sayensa, wutar da za ta riƙe shi dizal ce. Nawa za su caji yaron Kurna su mayar da kuɗinsu? Ni ban gani ba.

Sarkin Fad:
Haka aka ce lokacin da GSM ya zo a 2001 Hajiya, layi ya fi ƙarfin talaka.

Ɗan Kurna:
Na gwada abin da ka ce Injiniya. Da kebul na USB: Minimum 29, Maximum 61, Lost 0. Na sa 720p na rage bit rate zuwa 10, dabbare-dabbaren ya ragu sosai, jinkirin dai yana nan, 141. Yayana yana da kwamfutar gem a gidansa a Abuja, an ce akwai yadda zan riƙa bugawa daga can?

Injiniya:
Akwai. Ya sa Sunshine a kwamfutarsa, kai ka sa Moonlight, ko ku yi amfani da Steam Remote Play. Aikin iri ɗaya ne, sai dai sabar yanzu tana Abuja. Abin dubawa shi ne gudun ɗorawa na layinsa, ba na saukewa ba, ya kai 10 zuwa 15 Mbps a tsaye. Kuma kada ka ɗauka Kano zuwa Abuja kai tsaye saƙon zai bi, in layinku ba kamfani ɗaya ba ne yana iya zagayawa ta Legas. Datar ku biyu za ta riƙa tafiya, tasa da taka. Ku gwada ka kawo mana lambar.

Ɗan Kurna:
To sai in an kawo musu wuta, yanzu ya ce tun safe babu.